Maki 47 na samu, 50 ake nema: in nemi a sake duba takardata ko in sake zama?

Zainab_Akanta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar jarrabawa. Sakamakonmu na jarrabawar ƙwarewa a aikin akanta ya fito kwana 4 da suka wuce, na samu 47, ana cinyewa da 50. Takarda biyu ce. Ta farko canki-canka ce, tambaya 40, na samu 24. Ta biyu rubutu ce da lissafi, maki 60, na samu 23. An ba mu kwana 14 daga ranar fitar sakamako ga mai son a sake duba masa, amsa kuma tana iya kai wa kwana 30. Rajistar zama na gaba za ta rufe kwana 21 bayan fitar sakamakon, jarrabawar kanta saura mako 11. Sau uku kacal ake barin mutum ya zauna, wannan ne na farko. Wanne ya fi?

Sagir99:
Wa alaikumus salam. Haba 'yar'uwa, maki uku fa! Ki cike fom kawai. Duk malamin da ya ɗauki takarda ya ga 47 zai lalubo miki uku ya cike, ba wanda yake son kayar da mutum a bakin ƙofa.

MalamDattijo:
Sagir, da haka abin yake da ba a taɓa ganin 49 a sakamako ba. Wanda ake ba takarda ya sake dubawa ba maki ake aikensa nema ba, kuskure ake aikensa nema. Abin da yake tambayar kansa shi ne: makin da na farko ya bayar, jagorar ba da maki ta yarda da shi? In ta yarda, zai bar shi yadda yake, ko da shi a ransa da zai ƙara ɗaya. A Ingila tun 2016 hukumar Ofqual mai kula da jarrabawa ta mayar da wannan doka a jarrabawar sakandare ta GCSE da A level: ba a canja maki don kawai ra'ayin mai dubawa na biyu ya bambanta, sai an samu kuskure. Hukumomi da dama a kan wannan tafarkin suke, ko ba su rubuta shi haka ba.

Don haka Malama Zainab, kusancinki da 50 yana nuna cewa gyara kaɗan zai wadatar da ke, amma ba ya nuna cewa akwai abin gyarawar. Ki kawo mana makin kowace tambaya a takarda ta biyu in an ba ku, sannan ki faɗa mana abin da kike zato kafin sakamakon ya fito.

Zainab_Akanta:
Na gode Malam. Tambaya uku ce, kowace maki 20. Ta ɗaya 11, ta biyu 9, ta uku 3. Ta ɗaya da ta biyu bayani ne, ta uku lissafi ce mai kashi uku: (a) maki 4, (b) maki 8, (c) maki 8. Na yi zaton zan samu kamar 10 a ta ukun.

AbbaMaiShakka:
Ni dai ra'ayina, kada ki ɓata kuɗinki. Hukumar da ta yi makin ita ce za ta binciki kanta, wa ya taɓa cewa shi ne mai laifi? Ki ɗauko littattafanki ki koma karatu.

Dan_Lissafi:
Abba, dakata tukuna, ka dubi lambobin nan da kyau. 11 da 9 ba su da wani labari. Amma 3 cikin 20 a tambayar lissafi, ga mutumin da ya yi zaton 10, wannan abin tsayawa ne a kai.

Zainab, ga dalilin da ya sa lissafi ya bambanta da bayani. A tambayar lissafi ba amsar ƙarshe kaɗai ake ba maki ba. Akwai makin hanya, akwai makin amsa. Kashi mai maki 8 yana iya zama 5 ko 6 na matakai ne, sauran na sakamakon ƙarshe. Kuma a yawancin irin waɗannan jarrabawa, in kika yi kuskure a (a) kika ɗauki wannan lambar kika yi aiki da ita daidai a (b), ba a hukunta ki sau biyu. Ana bin lambarki a ba ki makin hanya. To nan ne mai makin da ya gaji yakan yi tuntuɓe: ya leƙa amsar ƙarshe, ya ga ba ta yi daidai da ta jagora ba, ya zuba sifili ya wuce, bai bi layukan ba. Wannan kuskure ne na gaske, irin wanda ake gyarawa, ba maganar ra'ayi ba ce.

Tambayoyina biyu. Kin rubuta matakan lissafinki a fili, ko a kalkuleta kika yi kika sauke amsa kawai? Sannan ina kika rubuta (b) da (c)?

Zainab_Akanta:
Na rubuta matakai. (a) tana shafin ƙarshe na littafin amsa. Da ya cika sai na karɓi ƙarin takarda, a can na yi (b) gaba ɗaya, na fara (c) lokaci ya ƙare. Kuma bayan mun fito na gane na yi kuskure a (a), na ɗauki adadin wata 12 maimakon 9.

Dan_Lissafi:
To kin ga yanzu magana ta fito. Abu uku ne zai iya haifar da wannan 3 ɗin. Ko dai ba a ga ƙarin takardar ba sam, 3 ɗin duk na (a) ne. Ko an gan ta amma ba a bi lambarki ba. Ko kuma an gani, an bi, hanyar da kika bi a (b) ce ba daidai ba, aka ba ki 1 nan 2 can. Biyun farko sake dubawa zai gyara su, kuma ba da maki ɗaya ko biyu ba, yana iya zama 4 ko 5. Na ukun kuwa ko sau goma aka duba 3 ce.

HajiyaBinta_K:
Bari in shigo ta ɓangaren ofis, don mutane suna haɗa abubuwa uku su kira su da suna ɗaya, sai su biya kuɗin abin da ba shi suke bukata ba.

Akwai sake ƙirga maki. A wannan ba wanda zai karanta amsarki ya auna ta. Ma'aikaci ne zai buɗe takarda ya tabbatar kowane shafi an yi masa maki, an tara daidai, kuma abin da ke kan takarda shi aka shigar a kwamfuta. Shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauri, kuma shi yake kama ƙarin takardar da aka tsallake, ko 13 da aka shigar a matsayin 3. Sai sake duba makin, inda babban mai makin zai karanta amsoshin ya gwada su da jagora. Galibi wannan yana haɗawa da ƙirgar, amma ki karanta ki tabbatar. Na ƙarshe neman kwafin takardarki ki gani da idonki, wanda ba ya canja komai shi kaɗai, sai dai ya nuna miki ko akwai abin bi.

A naki, sake ƙirga kaɗai zai kama matsala ta farko da Dan_Lissafi ya faɗa, amma ba zai kama ta biyu ba, domin ma'aikacin zai ga an sa sifili a (b), ya ce an yi mata maki, shi ke nan. Kada arha ta ja ki ki zaɓi wanda zai amsa rabin tambayarki.

Abin da za ki tuna mana: ƙarin takardar nan, kin rubuta lambar jarrabawarki a kanta? Kin rubuta lambar tambaya, wato 3(b), a gefe? An ɗaure ta da babban littafin a gabanki? Kin cike gurbin da ke bangon littafi inda ake rubuta adadin ƙarin takardun da aka karɓa?

Zainab_Akanta:
Hajiya na rubuta lambata, kuma mai tsaron jarrabawar ya ɗaure su da zare. Gurbin bango ne ban tuna ko na cike ba, lokacin ana ta cewa a ajiye biro. Lambar tambayar ma ina jin (b) kawai na rubuta, ban sa 3 ba.

HajiyaBinta_K:
Wannan (b) ɗin da ba 3 a gabanta ita ta fi damuna. Manyan hukumomi da yawa yanzu ba sa aika wa mai makin takarda a hannu. Ana ɗaukar hoton shafuka, a rarraba su tambaya-tambaya, wani ya yi ta ɗaya, wani ya yi ta uku, kowa a kan allon kwamfutarsa. Shafin da ba a san tambayar da ya amsa ba sai an bi shi da hannu an haɗa, kuma a irin wannan wurin ne abu yake zamewa. Ba na ce haka aka yi ba. Amma in za ki cike fom, akwai gurbin dalili, ki rubuta shi a taƙaice: tambaya ta 3, kashi (b) da farkon (c) suna cikin ƙarin takarda, ina roƙon a tabbatar an yi musu maki, kuma an bi lambar da na samu a (a). Kada ki rubuta kin sha wahalar karatu ko kina bukatar satifiket ɗin don aiki. Wanda zai karanta ba shi da ikon yin komai da wannan.

Nura_Tafiya:
Ni shawarata ki sake ɓangaren rubutun kaɗai, ai yanzu an kawo tsarin nan da mutum zai sake fanni ɗaya cikin kwana 60. Ƙanena ma abin da ke gabansa ke nan, ya samu 7.5 a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, 6.5 a rubutu, makarantar kuma 7 take so a kowanne.

Fa'iza_M:
Malam Nura, kai jarrabawar Turanci ta IELTS kake magana, ita kuwa jarrabawar akanta ta ce. Ka koma sama ka karanta.

Nura_Tafiya:
Af, ku gafarce ni, na ga ana maganar rubutu ne na ɗauka ita ce. To tunda na riga na fasa, masana ku taimaka mana da tamu ma.

Malama_Rakiya:
Ba laifi, tambayar tana da alaƙa. A IELTS sunan neman sake duba maki Enquiry on Results, haka za ku gan shi a shafin cibiyar. Ana nema cikin mako 6 daga ranar jarrabawa, ba daga ranar da sakamako ya fito ba, nan mutane suke yin kuskuren lissafi. Amsa tana iya zuwa cikin awanni, tana iya kai wa kwana 21, kuma in makin ya ƙaru ana mayar da kuɗin. Ɗayan kuma One Skill Retake, wanda ka ambata: kwana 60 daga ranar jarrabawar farko, ga wanda ya yi ta a kwamfuta, sau ɗaya. Kafin ya biya, ya rubuta wa makarantar ya tambaya ko suna karɓar sakamakon wannan tsarin, don ba kowace ce take karɓa ba.

Na ƙanenka yana cikin irin waɗanda sake dubawa yake da ma'ana a kansu. Sauraro da karatu tambaya 40-40 ne, amsa ko daidai ce ko ba daidai ba, da wuya wani abu ya motsa. Rubutu da magana kuwa mutum ne yake aunawa da ma'auni huɗu, kuma rabin mataki kawai yake nema. Amma ya yi wa kansa gaskiya: aiki na biyu cikin ayyuka biyun ɓangaren rubutu ya kai kalma 250? Ya amsa dukkan sassan tambayar, ko ya ɗauki rabi ya yi ta zuba? Aiki na biyu nauyinsa ninkin na farko ne. In ya san bai gama shi ba, ko kuma 6.5 ɗin ce yake samu duk lokacin da malami ya duba masa a gwaji, to makinsa ke nan, ya gyara rubutun ya sake. In kuwa ya nemi a duba, ya nema yanzu-yanzu, don ko an ci kwana 21 ɗin a bar masa sarari cikin 60 ɗin.

Sagir99:
To ai kun dawo kan maganata, rubutu ra'ayi ne, wani zai ba da 9 wani ya ba da 12. Zainab ta nemi a duba ta ɗaya da ta biyu ma, maki ɗaya nan, biyu can, an gama.

MalamDattijo:
Rabin maganarka gaskiya ce Sagir. Masu makin biyu sukan bambanta a tambayar bayani, ba wanda ya yi aikin da zai musa. Inda ka kauce shi ne zaton cewa bambancin sama kaɗai yake tafiya.

Ga yadda ake yi wa irin wannan tambaya maki. Ba a ƙirga layi. Jagora takan raba makin hawa-hawa, a ce 1 zuwa 5, 6 zuwa 10, 11 zuwa 15, 16 zuwa 20, kowane hawa da siffar amsar da ta cancance shi. Wanda ya jero abin da ya haddace yana hawa na biyu. Wanda ya ɗauki ilimin ya ɗora shi a kan matsalar da aka ba shi ya hau na uku. Mai makin yakan fara zaɓar hawa, sannan ya zaɓi lamba a cikinsa. In tsarin hukumar su Zainab irin wannan ne, 9 ɗinta tana can saman hawa na biyu, mai dubawa ba zai taɓa ta ba sai ya gamsu cewa hawan ne gaba ɗaya aka kuskure. 11 ɗin kuwa a kan gaɓa take, ƙafa ɗaya a hawa na uku. In babban mai makin ya ga amsar ba ta isa hawan ba, 10 ko 9 za ta koma. Kun ga ana iya samun 4 a ta uku a rasa 2 a ta ɗaya, a tashi da 49.

Don haka ta duba ko ana iya neman a duba tambaya ɗaya tak. Wasu hukumomin suna yarda, wasu takardar gaba ɗaya suke buɗewa.

Fa'iza_M:
Amma Malam, a halin da take ciki ko makin ya sauka me ta rasa? 47 faɗuwa ce, 45 ma faɗuwa ce. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai 51 da yake hangen 60, shi ne garin neman gira zai rasa ido. Shi ya sa ma a Ingila sai ɗalibi ya sa hannu ya yarda cewa makinsa zai iya sauka kafin makaranta ta tura buƙatar.

MalamDattijo:
Kin yi gaskiya Fa'iza, na karɓi gyara. Ba hasara nake nufi ba, ina rage mata zato ne kawai. Sai dai ta duba abu ɗaya: wasu tsare-tsaren suna barin mai 45 zuwa 49 ya sake takarda ɗaya kawai, wanda ya gaza haka ya sake duka. In akwai irin wannan iyaka a wurinsu, saukar maki tana da illa. In babu, maganarki ce.

AbbaMaiShakka:
Duk kun taru a kan takarda ta biyu. Ita ta farkon fa? 24 cikin 40, inji ne ya yi, inji kuma yana kuskure.

Dan_Lissafi:
Yana yi, amma kuskurensa yana da kama. In mutum ya tsallake layi ɗaya a takardar shafawa, duk amsoshin da suka biyo baya sun goce. In ya shafa nau'in takardar da ba nasa ba, an gwada shi da amsoshin wasu. A duka biyun makin yakan faɗo kusa da abin da mai canka da ka zai samu, wato wajen 10 cikin 40 in zaɓi huɗu ne, ko ya nuna an ci farko sannan komai ya rushe. 24 ba ta yi kama da haka ba, ta yi kama da mutumin da ya san kashi 60 cikin ɗari. Kuma ko gocewar layi ce, yawancin hukumomi suna ɗaukarta laifin mai rubutu, injin zai sake karanta abin da aka shafa ne kawai. In kuma amsar da ke cikin jagora ce ba daidai ba, wannan kowa ya shafa, ana gyara wa kowa a tare. Kada ta kashe ko sisi a nan.

HajiyaBinta_K:
Mu dawo kan kwanaki, don a nan ne ake yin biyu babu. Yau kwana 4. In ta tura buƙata gobe, amsa tana iya kai wa kwana na 35. Rajistar sake zama ta rufe tun a kwana na 21. Wanda ya zauna jiran amsa, in ta zo babu canji, ya rasa wannan zaman, sai na bayansa. Saboda haka tambayar da aka buɗe zauren nan da ita, wannan ko wancan, ba lallai ba ne a zaɓi ɗaya. Ana iya tura buƙatar a kuma yi rajista.

Amma kafin ki biya rajistar, Zainab, ki tambayi ofishin abu uku a rubuce, ta imel, ba ta baki ba, ki ajiye amsar. In sake dubawa ya ba ni 50, ana mayar da kuɗin rajista ko ana ajiye mini shi? In na yi rajista na janye, ana lissafa shi cikin zama ukun nan? Sannan yin rajistar yana soke buƙatar sake dubawa? Akwai wuraren da suke ɗaukar rajista a matsayin kin karɓi sakamakon. Wasu kuma suna ƙara wa masu jiran amsa wa'adi, amma ba sa shela, sai wanda ya tambaya.

Malama_Rakiya:
Ƙari a kan na Hajiya: ta tambaya wane maki ake riƙewa in an sake zama, na ƙarshe ko mafi girma. Ga wanda ya faɗi ba damuwa, amma masu karatu a nan da suka ci suna son ƙari su kula. Kuma a jami'o'i da yawa, musamman na Birtaniya, makin sake zama ana tsayar da shi a kan makin cinyewa, ko ka samu 70 za a rubuta maka 40 a digirin farko. A irin wannan tsarin gyaran makin farko ya fi sake zama daraja nesa ba kusa ba.

MalamDattijo:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini. Zainab ta ce lokaci ya ƙare tana farkon (c). Minti nawa aka ba ku, kuma yaya kika raba su?

Zainab_Akanta:
Awa biyu ne Malam. Ina jin ta ɗaya ta ci mini kusan minti 55, ta biyu 45, sauran na ba ta uku.

MalamDattijo:
To ga ciwon nan. Minti 120 a kan maki 60, kowane maki minti 2 ke nan, kowace tambaya minti 40. Kin ba ta ɗaya ƙarin minti 15, kin samu 11. Da kin tsaya a minti 40 da wataƙila 10 za ki samu, domin makin farko na kowace tambaya arha ne, na ƙarshe ne masu tsada. Minti 20 ɗin da kika ƙwace wa ta uku su ne kuɗin (c) gaba ɗaya, maki 8 da ba ki ko shiga kasuwarsu ba. Kuskuren wata 12 maimakon 9 ma ɗan gaggawa ne, ba ɗan rashin sani ba.

Wannan labari ne mai daɗi ga mai sake zama, don matsalar lokaci tana gyaruwa cikin mako 11, ba kamar wanda bai fahimci darasin ba. Ki samo tambayoyin shekarun baya guda uku da ba ki taɓa gani ba. Ki yi ɗaya a wannan makon, da agogo a gabanki, minti 40 na cika ki bar tambayar ko a tsakiyar jimla kike, kuma ki fara da ta lissafi. Kada ki yi wa kanki maki, mutum yana yi wa kansa sassauci bai sani ba. Ki ba wanda ya riga ya ci jarrabawar, tare da jagorar in hukumar tana fitarwa. In kin samu 33 ko sama cikin 60, kina da tazarar da za ta ɗauke rawar jikin ranar jarrabawa. In kin tsaya a 25 ko 26 duk da kin gama komai, to ba lokaci ne kaɗai ba, kuma ni ba zan so ki ƙona zama na biyu cikin uku da gaggawa ba.

AbbaMaiShakka:
A nan kam na bambanta da Malam. Wanda ya samu 47 karatun yana kansa da ɗuminsa. In ta tsallake wannan zaman ta jira wata shida, rabinsa ya zube, sai ta faro daga tushe. Ta shiga kawai.

Fa'iza_M:
Sai dai kuma a tuna takarda ta farko za ta sake ita ma in duka ake sakewa, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin 24 ɗin nan za ta dawo. A canki-canka akwai 'yan amsoshin da sa'a ce ta kawo su. Mutane suna lissafin sake zama kamar abin da suka ci yana ajiye ne, sai ƙari kawai.

Zainab_Akanta:
Na dawo da bayani. Na yi musu imel kamar yadda Hajiya ta ce, sun amsa da safen nan. Ba a duba tambaya ɗaya, takarda ta biyu gaba ɗaya ake buɗewa. Rajista ba ta soke buƙatar, kuma in na janye kafin ranar jarrabawa ba a lissafa shi cikin ukun, amma rabin kuɗin kawai ake mayarwa. Duka takardun biyu ake sakewa. Makin (a), (b), (c) dalla-dalla kuwa sun ce sai a cikin kwafin takarda, shi kuma yana ɗaukar kwanakin aiki 10.

Dan_Lissafi:
Kash. Yau kwana 6, saura 8 a rufe. Kwanakin aiki 10 mako biyu ne cur, kwafin zai iso bayan an kulle ƙofa. Ke nan ba za ki ga takardar kafin ki yanke shawara ba. Ga abin da zai maye gurbinsa: yau ɗin nan ki zauna ki sake yin 3(b) daga ƙwaƙwalwa, da lambarki ta kuskure ta wata 12, yadda kika yi a zauren, kada ki buɗe littafi ki gyara. Ki kai wa wanda ya iya ya duba hanyar kawai. In ya ce hanyar daidai ce, saura dalili biyu cikin ukun nan, kuma dukansu a gefenki suke, ki tura. In ya ce hanyar ce ta karkace, ki riƙe kuɗinki.

HajiyaBinta_K:
Ni ko me ya ce zan so ta nemi kwafin, don shi ne zai nuna mata abin da ya hana 9 ɗin nan zama 13, kuma wannan zai yi mata amfani a zama na gaba. Amma ki tambaye su ko neman kwafi yana hana sake dubawa, akwai inda da zarar takarda ta fita hannunsu ba sa ƙara karɓar ƙorafi a kanta. Kuma kada ki kai fom ɗin ranar ƙarshe, ki ba da tazarar kwana biyu, ki ajiye rasit da hoton shafin da ya nuna an karɓa.

Sagir99:
Ni har yanzu ina ganin da ta tura tun ranar farko da yanzu an ci kwana shida cikin talatin ɗin.

Nura_Tafiya:
Malama Rakiya, na tambayi ƙanen nawa. Ya ce a aiki na biyu an tambayi dalilai da kuma mafita, shi kuwa dalilan ya fi ba ƙarfi, mafitar layi biyu ya yi mata a ƙarshe. Amma ya ce kalmominsa sun haura 300. Wannan yana canja lissafin?

Malama_Rakiya:
Yana canjawa sosai. Yawan kalma ba ya rufe rabin tambayar da aka bari, kuma amsa dukkan sassan tambaya ɗaya ne cikin ma'auni huɗun. Mai dubawa na biyu zai ga layi biyun nan kamar yadda na farko ya gan su. Kwana nawa ke nan da ya yi jarrabawar?

Zainab_Akanta:
Dan_Lissafi, na sake yin (b) ɗin na tura wa wata babbar yayarmu a wurin aiki. Ta ce matakai huɗun farko daidai ne, a na biyar na cire abin da ya kamata in ƙara. Ban sani ba ko a zauren ma haka na yi, ko yanzu ne hannuna ya kuskure. Matakai huɗu cikin shida, maki nawa ke nan a cikin 8?

Dan_Lissafi:
Ya danganta da yadda jagorarsu ta raba, amma da wuya ya gaza 3, yana iya kai wa 5. Ki haɗa da abin da (a) za ta ba ki duk da kuskuren watannin, a ce 2. Mafi ƙaranci 5 ke nan a tambayar, jimla 49. Mafi yawa 7, jimla 51. Farkon (c) da kika ce kin fara, layi nawa ne, kuma akwai lamba a ciki ko kan magana kawai kika rubuta?